“Muna Taya Ka Murna, Dakta”: Abin da Ya Kamata Wasiƙar Tsangaya Ta Ƙunsa a Zuru

Wanda ke da ɗan'uwa ko aboki a cikin malaman jami'a ya san irin wannan saƙon. Yakan zo da hoton malamin cikin alkyabbar digiri da hula mai tunku, ga tambarin jami'a a sama, a ƙasa kuma 'yan layuka: shugaban tsangaya, a madadin malamai da ma'aikata da ɗalibai, yana taya wane murnar samun digirin digirgir, Allah ya sanya albarka, ya ƙara ɗaukaka. Kafin magariba ya zaga wayoyin gari, daga zauren malamai zuwa na tsofaffin ɗalibai zuwa na dangi. Washegari mai shayin bakin ƙofa ya fara kiran mutumin “Dakta”.

A Zuru wannan saƙo yana da nauyin da ba shi da shi a Zariya ko Ibadan. A 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin, a kan harsashin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Jihar Kebbi, kuma Farfesa Musa Isiyaku Ahmed ne shugabanta na farko. Takwarorinta sun riga ta nesa ba kusa ba, domin na Abeokuta da Makurdi tun 1988 suke, ta Umudike kuma tun 1992. Jami'ar da take tasowa haka tana ƙirga masu digiri na uku ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane guda da ya ƙaru yana sauya abin da sashensa zai iya yi. Saboda haka nake ganin wasiƙar da tsangaya ke aika wa sabon dakta ta fi ƙarfin gaisuwa. Takarda ce ta aiki, kuma ya kamata a rubuta ta da kulawar da ake yi wa takardar aiki. Jami'o'in noma sukan kira tsangayoyinsu “kwaleji”, amma maganar duk ɗaya ce.

Lissafin da ke bayan murnar

Kwalejin da ke bayar da difloma tana iya tafiya da malamai masu digiri na farko da na biyu. Jami'a ba ta da wannan damar. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasai, kuma a fannin aikin gona ƙa'idarta malami guda ga ɗalibai 15. Tana kuma son a ga kashi 20 cikin ɗari na malaman sashe farfesoshi ne da mataimakansu, kashi 35 manyan malamai, sauran kashi 45 kuma ƙananan malamai.

A ɗauki sashen da ke da ɗalibai 150. Yana buƙatar malamai 10. A cikinsu ana son 2 a matakin farfesa ko mataimakinsa, 3 ko 4 a matakin babban malami, sauran su zama na ƙasa. Tun da a tsarin jami'o'in tarayya a yau ba a hawa kujerar babban malami sai da digiri na uku, wannan sashe yana bukatar aƙalla mutum 5 masu shi kafin ya cika ma'aunin. Ranar da ayarin masu tantancewa ya iso, ba hoton alkyabba suke tambaya ba. Fayil ɗin kowane malami suke buɗewa, su ga takardar ɗaukar aiki, su ga takardar shaidar digiri. Kwas ɗin da ya sami cikakkiyar tantancewa yana da shekara 5 kafin a dawo masa, wanda ya sami ta wucin gadi yana da 2, wanda aka hana kuwa ba zai ɗauki sababbin ɗalibai ba sai ya gyara.

Ƙarancin nan ba na Zuru kaɗai ba ne. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 domin duba bukatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malamansu ke da digiri na uku. Idan haka abin yake a lokacin da ake lissafi da tsofaffin jami'o'i, mutum zai iya auna yadda sabuwa take fama, musamman wadda ke nesa da manyan birane, inda farfesan da aka gayyato ziyarar koyarwa daga Sakkwato ko Zariya sai ya yi tunanin hanya kafin ya amsa. Hanyar da ta fi ɗorewa ga irin wannan jami'a ita ce ta raini nata, ta tura ƙananan malamanta karatu su dawo. Wasiƙar taya murna ita ce takarda ta farko da ke tarbar wanda ya dawo.

Yaushe mutum ke zama dakta?

A nan ne aka fi yin gaggawa. Ranar da malami ya kare kundinsa a gaban mai jarrabawa daga waje, ya fito ana rungumarsa, abokai sukan sa hoto su rubuta “Dakta”, kuma ba laifi ba ne ga aboki. Ga tsangaya kuwa da sauran tafiya. Masu jarrabawar sukan ce ya ci amma da gyara, kuma kusan babu kundin da ke fita ba gyara. Idan ƙanana ne akan ba shi 'yan makonni zuwa wata 3, idan manya ne wa'adin ya fi haka, wani lokaci har a sake komawa ɗakin gwaji ko a sake lissafin alƙaluma. Bayan ya gyara, mai jarrabawa na cikin gida ya sa hannu cewa an yi duk abin da aka nema. Sai a ɗaure kundin, sakamakon ya je gaban kwamitin makarantar manyan digirori, daga nan ya je majalisar dattawan jami'ar da ya yi karatun. Wannan majalisa kaɗai ke da ikon bayar da digiri. Kafin ta zauna ta amince, malamin ɗan takara ne da ya ci jarrabawar baka, bai zama dakta ba tukuna.

Tsakanin ranar kare kundi da ranar amincewar majalisa ana iya ɗaukar watanni, kuma akwai waɗanda suke maƙalewa a wannan tsakanin: wa'adin gyara ya wuce, ko na'urar gano satar rubutu ta nuna kaso mai yawa, ko a tarar da kuɗin rajistar wata shekara da ba a biya ba. Tsangayar da ta riga ta fitar da saƙo a kan takarda mai tambarin jami'a ta jefa malaminta cikin kunya, domin gari ya riga ya saba da sabon suna. Abin da ya dace shugaban tsangaya ya gani da idonsa kafin ya sa hannu shi ne takardar sanar da sakamako daga jami'ar da ta bayar da digirin, mai ɗauke da ranar da digirin ya fara aiki. Wasu jami'o'in sukan ɗauki ranar jarrabawar baka idan an yi gyara a kan lokaci, wasu kuma ranar zaman majalisa. Ko wacce ce, ita za a rubuta a wasiƙar, ba ranar da labari ya iso Zuru ba.

Idan digirin daga ƙasar waje ne akwai ƙarin mataki, wato a kai shi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance. Ba rashin yarda da mutum ba ne. Kowa ya tuna binciken ɗan jarida Umar Audu a ƙarshen 2023, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin 'yan makonni bai shiga aji ba, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Wanda ya yi aikinsa da guminsa shi ne ya fi cin moriyar wannan tsauri, domin shi ke raba shi da masu sayen takarda, da kuma masu digirin girmamawa waɗanda ba su taɓa rubuta babi guda ba.

Abin da ake taya murna a kai

Babban abin da ke damuna da yawancin saƙonnin nan shi ne ba sa faɗin abin da mutumin ya bincika. Za ka karanta daga farko har ƙarshe ba ka san ko a kan ƙasa ya yi aiki ba, ko kifi, ko cutar kaji. Shugabannin tsangaya malamai ne, sun san abin da ke cikin kundi, don haka babu dalilin da zai sa wasiƙarsu ta zama daidai da wadda ƙungiyar unguwa za ta rubuta.

Bari mu ɗauki misali da abin da kowane manomin dawa a ƙasar Zuru ya sani, wato ƙuduji, ciyawar nan mai furen shuɗi-shuɗi da ja-ja wadda wasu ke kira wuta-wuta. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar ƙura, tushe guda yana zubar da dubbai masu yawa, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji irin sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da sun tsiro sai su manne wa saiwar su riƙa zuƙe ruwa da abinci, kuma yawancin ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa take aukuwa tun kafin manomi ya ga fure. Ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ake maimaita mata dawa kowace shekara ba taki.

A ce wani ƙaramin malami a sashen kimiyyar amfanin gona ya yi rajistar digiri na uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, yana son ya gano abin da zai rage ƙuduji a gonakin yankinsa. Ya zaɓi irin dawa 3, ɗaya na gida da manoma suka saba da shi, biyu daga cikin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Kowane iri zai shuka shi ta hanya 2, shi kaɗai, ko a haɗe da waken suya, wanda ke sa 'ya'yan ƙuduji su tsiro amma ba ya ba su saiwar da za su rayu a kai. Kowace hanya kuma zai gwada ta da takin zamani da kuma babu taki. Ya zama haɗi 12 ke nan. Tun da gona ba ta zama ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ya maimaita kowane haɗi sau 3 a wuraren da ƙuri'a ta zaɓa, ya sami fegi 36. Sakamakon wuri guda ba ya isa hujja, don haka zai yi a wuri 2, kuma damina guda ma ba ta isa, sai ya yi 2. Jimilla fegi 144, kowanne da lambarsa a jikin turke.

Aikin ba na ofis ba ne. Zai shuka a watan Yuni idan ruwa ya zauna, ya dawo yana durƙusawa yana ƙirga tsiron ƙuduji a kowane fegi a mako na 8 da na 10 da na 12, yana auna tsawon kara, yana rubuta ranar da dawa ta fitar da kai. Da kaka ya yanke, ya shanya, ya sussuka kowane fegi daban, ya auna a sikeli. Idan shanu suka shiga suka cinye fegi 5, ko mai taya shi aiki ya haɗa zangarniyar fegi biyu a buhu guda, alƙaluman sun sami giɓi, kuma mai jarrabawa daga waje zai gano giɓin da ya buɗe teburin lissafi. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, shekarar ta tafi, domin dawa ba ta da zagaye na biyu. Wanda daminarsa ta faɗo a 2022 ya haɗu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, wato ya cinye daminar gaba ɗaya, ɗakunan gwaji a rufe. Wanda kuma ya sa gonar gwajinsa ta biyu a wajen Danko/Wasagu ko Sakaba a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin ya san cewa akwai ranakun ƙirga da ba a fita. Da haka ne karatun da aka tsara wa shekara 3 yake zama na 5 ko 6, alhali mutumin yana koyarwa yana kuma riƙe da iyali.

Wasiƙar da ta san wannan ba za ta tsaya a kan “jajircewa da ƙwazo” ba. Za ta ambaci sunan kundin, da jami'ar da ta bayar da digirin, da jimla guda a kan abin da aka gano, cikin harshen da mahaifin malamin zai fahimta idan an karanta masa. Mutum ya fi jin an daraja shi idan ya ga manyansa sun buɗe aikinsa sun karanta.

Alƙawarin da ke kan tsangaya

Kashi na biyu na wasiƙar shi ne wanda galibi ba a rubutawa, kuma shi ne ya shafi aljihun mutum da makomarsa. A yawancin jami'o'i, mataimakin malami da ya kawo digiri na uku akan ɗaga shi zuwa malami mai daraja ta biyu ba tare da jiran zagayen ƙarin girma ba. Amma wannan ba ya faruwa da kansa. Sai malamin ya rubuta wa magatakardar jami'a ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ya haɗa da takardar sakamako, sannan kwamitin naɗi da ƙarin girma ya amince. Ranar da aka rubuta a matsayin farkon sabon matsayin ita ce za a fara ƙirga shekara 3 na jiran mataki na gaba daga gare ta, kuma tun da ƙarin girma a jami'o'i da dama daga 1 ga Oktoba yake fara aiki, takardar da ta kwana a kan tebur na 'yan makonni tana iya jawo wa mutum asarar shekara cur. Saboda haka kwafin wasiƙar taya murna ya kamata ya tafi ofishin magatakarda da fayil ɗin malamin a rana guda, kuma a gaya masa a ciki abin da zai kawo da lokacin da kwamiti zai zauna.

Idan asusun TETFund ne ya ɗauki nauyin karatun, akwai yarjejeniyar da ya sa wa hannu cewa zai dawo ya yi wa jami'arsa aiki na wasu shekaru. Gudun malaman da aka tura waje, tare da tsadar kuɗin ƙetare, na cikin dalilan da asusun ya bayar lokacin da ya dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga farkon 2025. Ba na ganin ya dace a mayar da wasiƙar murna takardar gargaɗi. Layi guda da ke tabbatar da ranar da ya dawo bakin aiki ya wadatar, domin daga ranar ake fara lissafin wa'adin, kuma hakan kariya ce gare shi. Abin da zai riƙe shi a Zuru bayan wa'adin ya cika ba takardar yarjejeniya ba ce, yadda aka karɓe shi ne, domin daga ranar da ya zama dakta ƙofofin Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato da Minna duk a buɗe suke gare shi.

A nan ne sassa da dama ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Da yake masu digiri na uku sun yi ƙaranci, sabon dakta yana dawowa sai a ɗora masa jami'in jarrabawa, da kula da aikin gonar ɗaliban da ke shekarar koyon aiki a cikin shekara 5 na digirin noma, da kwamitoci, wani lokaci har da riƙon shugabancin sashe, ga darussan da abokan aikinsa suka riƙe masa lokacin da ba ya nan. Shekara ta zagayo, kundin yana kan kanta ba a ciro komai daga ciki ba. Alhali hawa matakin babban malami yana bukatar maƙaloli da aka buga a mujallun ilimi masu tantancewa, kuma alƙaluman gona suna tsufa: sakamakon gwajin irin dawa da ya kwana shekara 5 zai tarar an fitar da sababbin iri. Wanda lokaci ya ƙure masa shi ne ke faɗawa hannun mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba wanda ya karanta, kuma masu duba takardun ƙarin girma daga waje sun san sunayensu, sukan soke su. Tsangayar da ta rubuta a wasiƙarta cewa za ta sassauta masa aikin ofis na zango biyu, ta haɗa shi da wani babban malami da zai duba masa maƙalolinsa na farko, ta yi masa abin da ya fi walima. Haka ma duba aikin ɗalibai: sabon dakta yakan fara ne da taya wani babba duba kundin digiri na biyu, kafin a ba shi nasa, kuma kyautuwa ya yi a faɗa masa wanda zai bi.

Da ni aka ba alƙalami in rubuta wa malamin misalinmu, ga yadda zan tsara ta: “Dakta, majalisar tsangaya ta sami sanarwar cewa majalisar dattawan jami'ar da ka yi karatu ta amince da ba ka digiri na uku a fannin kimiyyar amfanin gona daga ranar kaza. Mun karanta kundinka a kan yaƙi da ƙuduji a gonakin dawa, kuma muna alfahari da cewa a ƙasarmu ka yi gwajin. Muna taya ka murna, kai da iyalinka da malaman da suka duba aikinka, muna kuma gode wa abokan aikinka da suka riƙe darussanka. Ka miƙa takardunka ga shugaban sashe kafin zaman kwamiti na gaba domin a daidaita matsayinka. Mun ware maka rana a wannan zangon ka gabatar mana da sakamakon bincikenka. Allah ya sa ilimin ya amfani jama'a.” Ba ta kai rabin shafi ba, kuma kowace jimla a cikinta akwai wanda za a iya tambaya idan ba a cika ta ba.

Wannan gabatarwar da aka ware wa rana ina son in ƙara mata abu guda. Gonakin da aka yi gwaji a cikinsu na mutane ne, a Dabai ko Ribah ko Mahuta, kuma masu su sun ga wani malami yana zuwa da littafi da igiyar awo damina biyu, daga nan ba su sake jin komai ba. Kundin da Turanci aka rubuta shi, kuma kwafinsa yana ɗakin karatu a Sakkwato ko Zariya. Jami'ar noma aikinta uku ne, koyarwa da bincike da kai sakamako ga manomi, don haka ya dace a gayyaci malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha da shugabannin ƙungiyoyin manoma na ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, a yi musu bayani da Hausa da C'lela: wane iri ne ya jure, layi nawa na wake a tsakanin layukan dawa, taki nawa, kuma a wane mako ake tuge ƙuduji kafin ta zubar da 'ya'ya. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zama shi ne watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin manoma su sayi iri su fara sharar gona.